Yadda ake daidaita riba a cacar ƙwallo kafin a tashi wasa

"Na yi Back na ₦10,000 a farashi 3.0, yanzu ya sauko 2.0. Yaya zan fita da riba ko wa ya ci?"

Ɗan'uwa, Back ɗin da ka yi caca ce cewa ƙungiyarka za ta ci. Yanzu Lay za ka yi a kanta, wato cacar cewa ba za ta ci ba, amma ba da kuɗin farko ba. Ga lissafin kuɗin Lay:

```
10,000 × 3.0 ÷ 2.0 = 15,000
```

Idan ƙungiyarka ta ci, Back ya kawo maka ₦20,000, Lay ya ɗauke ₦15,000, saura ₦5,000. Idan aka doke ta ko aka tashi canjaras, ₦10,000 ta tafi, ₦15,000 ta shigo, saura dai ₦5,000. Shi ya sa za ka ga kowane ɓangare ya zama kore a allo. Sai dai kamisho zai ɗan rage ta.

Abin da nake ji maka shi ne jinkiri. Da an zura ƙwallo ake dakatar da kasuwa na ɗan lokaci. Na taɓa zama a gidan kallo a titin Bauchi nan Jos, hoton talabijin yana baya da 'yan daƙiƙu, na danna Lay ashe an riga an farke. Ko kobo ba a karɓa ba, farashi ya koma 4.0. Ni ma Back na ₦10,000 a 3.0 na yi, dole na yi Lay na ₦7,500, na haƙura da asarar ₦2,500 kowane ɓangare.

Don Allah ka tabbata ya nuna Matched, wato an karɓi Lay ɗinka gaba ɗaya, kafin ka ajiye waya.