Me ya sa imel da banki suke zargina in na kunna VPN?

Tambaya: Assalamu alaikum. A Kano nake zaune. Duk lokacin da na kunna VPN, sai Gmail ya turo mini gargaɗi wai wani ya shiga asusuna daga Jamus. Manhajar bankina kuma ta taɓa rufe ni sai da na je reshe. Kutse aka yi mini, ko kuwa? Kuma yaya zan rage wannan damuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Mai yiwuwa ba kutse ba ne, kai ne “baƙon” da ake magana a kansa. Gmail da banki suna kintata inda kake ne daga lambar IP, wato adireshin intanet ɗin da haɗinka ya fito da shi, kuma da zarar ka kunna VPN, lambar sabar da ka hau ita suke gani, ta layinka ta ɓuya.

A ce ka buɗe imel da ƙarfe 9:00 da datar layinka, sannan ka kunna VPN ta ɗora ka kan sabar Frankfurt, ka sake shiga da 9:10. Tsakanin Kano da Frankfurt akwai kusan kilomita 4,200. Wanda ya ci wannan tafiya cikin minti 10 ya yi gudun kilomita 25,000 a awa, alhali jirgin fasinja kusan 900 yake yi. Na'urar tsaro sai ta ɗauka mutum biyu ne ke riƙe da kalmar sirrinka. Ƙari a kan haka, lambobin sabar VPN na cibiyoyin ajiyar bayanai ne da aka san su, kuma mutane da yawa ne ke raba lamba guda. Idan wani a cikinsu ya yi ta gwada kalmomin sirri na sata da ita, zargin ya shafe ku duka.

Amma kada ka yi saurin danna “Yes, it was me”. Kada kuma ka bi mahaɗin da ke cikin saƙon gargaɗin, domin 'yan damfara suna kwaikwayon irinsa. Ka buɗe Gmail a kwamfuta, ka sauka can ƙasan akwatin saƙo, ka danna “Details” a ƙarƙashin “Last account activity”. Zai nuna maka lambar IP da lokacin kowace shiga ta baya-bayan nan. Ka gwada da lambar da manhajar VPN ke nunawa. In ƙasa da lokaci sun dace da sa'ar da ka kunna, kai ne. In ka ga shiga da ƙarfe 3 na dare kana barci, ko wata na'ura da ba ka da irinta, canza kalmar sirri nan take.

Maganar banki kuwa, abin da ya fi shi ne ka raba ta da VPN gaba ɗaya. Manhajar banki tana ɓoye bayananta da kanta, don haka a kan datar layinka VPN ba ta ƙara maka wani tsaro na a zo a gani. A Android, yawancin manhajojin VPN suna da “Split tunneling”: ka shiga, ka zaɓi manhajar bankin, ka cire ta, sai ta riƙa fita ta layinka kai tsaye. Sai dai akwai tarko a nan. Idan “Block connections without VPN” a kunne yake a saitin wayar, duk manhajar da ka cire za ta rasa intanet, ka zaci sabis ne ya ɗauke. Ka kashe shi tukuna. A iPhone galibi babu wannan zaɓi na ware manhaja ɗaya-ɗaya, sai dai ka kashe VPN, ka rufe manhajar bankin ɗungurungum, sannan ka buɗe ta.

Shi imel ya fi sauƙin kai, domin yana sabawa da kai. Ka daina barin VPN a kan “Fastest server”, wanda zai kai ka Holan yau, gobe Birtaniya. Zaɓi gari ɗaya ka tsaya a kansa, in akwai sabar Najeriya ma ta fi. Kada ka riƙa shiga ta “Incognito” ko share kukis kullum, wato ƙananan bayanan da shafuka ke ajiyewa a burauzarka, domin da su ake gane ta, in babu su kuwa kowace shiga sabuwar na'ura ce a wurinsu. Ka kunna “2-Step Verification”, wato mataki na biyu na tantance ka bayan kalmar sirri, ka kuma ajiye “Backup codes” guda 10 da Google ke bayarwa a takarda, don ko an tare ka ka samu hanyar wucewa.

Wasu kamfanonin VPN suna sayar da lambar IP ta mutum ɗaya. Tana rage gargaɗin imel sosai, amma in ta wata ƙasa ce, bankinka zai ci gaba da ganin ka a waje.

Idan bankin ya sake rufe ka, kada ka yi ta maimaita gwaji, yawan gwajin ma dalilin kulle asusu ne. Ka kashe VPN, ka kira lambar da ke bayan katinka. Duk wanda ya kira ka da kansa yana neman PIN ko OTP wai zai buɗe maka, ka katse wayar.