Daga ina 1 + 2i/n ta fito?

"Assalamu alaikum. Ina ajin farko a jami'a. Malaminmu ya ce mu nemo intigiral na x² daga 1 zuwa 3 ta hanyar sigima, kuma ya hana mu amfani da dabarar da muka saba. Na ga ya rubuta 2/n da 1 + 2i/n a allo, amma wallahi ban san inda ya samo su ba. A taimaka."

Wa alaikumus salam, ƙanena. Shekara da shekaru ina koyar da wannan darasi, kuma a daidai nan ɗalibai suka fi tuntuɓe, don yawanci da n ake fara musu. Ni kuwa sai in ce a ajiye n tukuna, a ɗauki 4.

Zana layin y = x², ka sa alama a 1 da 3. Filin da ke tsakanin layin da gindin zanen shi muke son aunawa, amma samansa a lanƙwashe yake. To, ka ɗauka za ka rufe shi da katakai huɗu a tsaye, kafaɗa da kafaɗa, duk faɗinsu ɗaya. Daga 1 zuwa 3 tazarar 2 ce, ka raba ta huɗu, kowane katako ya sami faɗin 0.5. Wannan faɗi shi ake rubutawa Δx. Bakunan katakan za su faɗa a kan 1, 1.5, 2, 2.5 da 3. Lura da kyau: katako huɗu, baki biyar, kamar yadda zana huɗu a jere ke buƙatar dirka biyar.

Saura tsayi. Katakon farko ya kama daga 1 zuwa 1.5, kuma a tsakanin nan layin ya hau daga 1 zuwa 2.25. Katako kuwa tsayi ɗaya gare shi, dole ka zaɓi wuri guda a cikin faɗinsa ka auna a can. Malaminku bakin dama ya zaɓa. Tsayin katakan ya zama 2.25, 4, 6.25 da 9. Haɗa su ka sami 21.5, ka ninka da faɗin 0.5, ya ba ka 10.75. Da bakin hagu ka ɗauka, da tsayin ya zama 1, 2.25, 4 da 6.25, filin ya fito 6.75. Tunda layin hawa yake yi, na dama sun yi masa tsiri a sama, na hagu kuma ba su kai ba. Amsar gaskiya tana tsakanin 6.75 da 10.75.

Yanzu mayar da n gurbin 4. Faɗin ya zama 2/n, ka ga inda ta fito ke nan. Ɗayar kuma tafiya ce kawai: kana tsaye a kan 1, kowane taku naka 2/n ne. Taku ɗaya ya kai ka bakin dama na katakon farko, taku biyu na biyu, taku i kuma ya kai ka 1 + 2i/n. Wato 1 ɗin mafarinka ne, i kuma ƙidayar taku. Alamar Σ ba ta da wani sirri, cewa take yi sa i = 1, sa i = 2, har zuwa n, ka tara abin da ya fito:

```
∫₁³ x² dx = lim (n→∞) Σ (i=1..n) (1 + 2i/n)² · (2/n)
```

Bakan farko haɗe da ² ɗinsa tsayi ne, na bayansa faɗi. In ka dubi hagun alamar = ma siffar ɗaya ce, x² tsayi, dx na tsaye a madadin faɗi, ita kuma ∫ harafin S ne da masanin lissafi Leibniz ya ja ya miƙar a 1675, daga kalmar Latin mai nufin jimla.

Wajen warwarewa, riƙe abu guda: a cikin sigima i ce kaɗai ke sauyawa, n a zaune take, don haka kana iya fitar da ita waje. Buɗe bakan ka ninka da 2/n, sai jimlar ta rabu uku:

```
(2/n)·Σ1 + (8/n²)·Σi + (8/n³)·Σi²
Σ1 = n,  Σi = n(n+1)/2,  Σi² = n(n+1)(2n+1)/6
jimla = 26/3 + 8/n + 4/(3n²)
```

Yi hattara da Σ1. Ɗalibai da yawa suna rubuta 1, alhali 1 ce aka tara sau n. Kuma kafin ka ci gaba, gwada layin ƙarshe da n = 4: 8.667 da 2 da 0.083, ga 10.75 ɗinmu ta dawo. Wannan gwaji bai kai minti ɗaya ba, amma da shi nake kama kusan duk kuskuren aljabara. In n ta yi ta girma, 8/n da 4/(3n²) sai su narke, 26/3 ta rage, wajen 8.667. Ita ce kuma dabarar da aka hana ku za ta bayar, 27/3 a cire 1/3.

Ni kaina na taɓa cin ƙasa a nan, a wani gwaji lokacin ina ɗalibi. Na saba da misalan da ke farawa daga 0, sai na rubuta 2i/n zalla, na manta 1 ɗin. Lissafina ya tafi sumul, na sami 8/3, har ina murna. Ashe filin 0 zuwa 2 na auna. Tun daga ranar, da na rubuta wurin awo sai in sa i = n in gani ko na isa ƙarshen tazarar. 1 + 2n/n ta ba da 3, daidai. 2n/n ta ba da 2, ka san an yi ɓatan kai. Haka kuma in bakin hagu kake so, i za ta tashi daga 0 ta tsaya a n − 1. Wanda ya bar ta daga 0 har n ya jera katako n + 1. A iyakar lissafi kuskuren zai ɓace, shi ya sa ba a cika gane shi ba, amma a n = 4 zai ba ka 11.25, wadda ba ta dama ba ce ba ta hagu ba.

Wataƙila ka ce, me ya sa aka yarda da dama alhali ta zarce? Dubi ratar da ke tsakanin dama da hagu. Duk tsayin da ke tsakiya suna cikin jimlolin biyu, bambancin 9 ce a ɗaya, 1 a ɗaya. Ratar ke nan 8 sau faɗi, wato 16/n. A katako 4 ta ba da 4, a katako 1,000 ta koma 0.016. Duk wurin da ka zaɓa a cikin katako, awonka na tsakanin waɗannan biyun, su kuma suna matsowa juna, to babu inda zai je sai 26/3. Bambancin sauri ne kawai. Gwada tsakiyar kowane katako, 1.25, 1.75, 2.25 da 2.75, za ka sami 8.625 da katako huɗu kacal. Dama ake koyarwa don aljabararta ta fi sauƙi, ba don ta fi kusa ba.

Abu na ƙarshe, don za ka haɗu da shi a gaba. Yadda masanin lissafi Riemann ya tsara abin a 1854, ba dole katakan su zo faɗi ɗaya ba, shi ya sa wasu littattafan ke rubuta Δxᵢ. A nan cewa n ta tafi ba iyaka ba ta wadatar. Kana iya barin katako ɗaya ya rufe 1 zuwa 2, ka daddatsa sauran gida miliyan, kuskuren wannan ƙaton na nan daram. Sharaɗin shi ne mafi faɗin cikinsu ma ya yi ta sirancewa zuwa 0.

Gwada x² daga 2 zuwa 5 da kanka, ka fara da katako 3 a takarda kafin ka taɓa n. In n ta tafi ba iyaka ba ka sami 39 ba, turo layin da ka rubuta wurin awonka, daga nan zan fara dubawa.