Giya da damuwar zuciya

"Kwalba biyu da dare ce kawai ke sa ni barci tun da aikina ya tsaya. Mene ne laifinta?"

Ɗan'uwa, lura da ƙarfe ukun dare. Giya tana danne ƙwaƙwalwa, shi ya sa kake jin sanyi a rai. Ita kuwa ƙwaƙwalwa sai ta ƙara ƙaimi don ta daidaita. Da giyar ta sake ka, ƙaimin yana nan: ka farka cikin gumi, gaba na faɗuwa, tunanin bashi ya dawo sabo. Barcin ma ba ya wartsakarwa, ga baƙin ciki da safe. Wata rana kwalba biyun ma ba za ta isa ba.

In hannunka na rawa da safe, don Allah kada ka daina lokaci guda, yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Ka ga likita tukuna.