Amsar Anti kan murjani da kahraman na gado

"Anti, na gaji wani tsohon abin wuya daga kakata, jan murjani da wasu manyan duwatsu ruwan zuma. An ce min roba ce. Yaya zan gane, kuma yaya zan adana shi?"

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah Ya jiƙan Kaka. Kafin komai, don Allah kada ki bari kowa ya ce zai ɗana masa ashana. Na ga abin da aka lalata ta haka, har yau yana min ciwo.

Mu fara da murjanin. Ɗauki ƙwaya ɗaya ki ɗora a kumatunki. Na gaske za ki ji sanyi, kuma yana da nauyi a tafin hannu, roba kuwa ɗumi gare ta, ba nauyi. Sai ki fita tsakar gida da hantsi, ki juya ƙwayar a hankali. Murjani halittar teku ce, irin jan nan na da daga Bahar Rum ake samo shi, saboda haka za ki ga siraran layuka a jere kamar jijiyar itace, da 'yan ramuka nan da can, kuma ba ƙwaya biyu da suka zo daidai. In kika ga layi guda ya zagaye ƙwayar kamar ɗinki, to daga injin zuba roba ta fito. In kuma akwai 'yan kumfa a ciki, ga inda ya ɓantare yana ƙyalli, gilashi ne. Ɓantarar murjani dishi-dishi take.

Wanda ya fi ruɗar mutane shi ne farin murjani mai araha da ake rinawa ja. Shi ma yana da sanyi da nauyi. Ki leƙa cikin hudar: waje ja, ciki fari-fari, rini ne. Ko ki ɗan jiƙa auduga da ruwan goge farce ki taɓa bakin hudar, in audugar ta yi ja kin samu amsa.

To, masu ruwan zumar nan, in na gaske ne sunansu kahraman. Ƙaron itace ne da ya daskare tun miliyoyin shekaru, shi ya sa ba shi da nauyi ko sanyi, a hannu kamar roba yake. Nan gwajin kumatu ba ya aiki. Gishiri za ki nema. Ruwa kofi 1, ki yi ta zuba gishiri kina juyawa har ya ƙi narkewa ya kwanta a ƙasa. Ki jefa ƙwaya ɗaya, ba zare, ki girgiza ta iskar cikin hudar ta fita.

Wata maƙwabciyata ta kawo min na surukarta, manya guda 9. Muka gwada, 7 suka nutse, 2 suka taso. Bakwai ɗin nan da na goga ɗaya da ƙarfi a zane har ta yi ɗumi, sai warin magani irin na asibiti. Wannan tsohuwar roba ce, Bakelite, tun 1907 aka ƙirƙiro ta a Amurka, kuma iyayenmu sun saye ta da zuciya ɗaya. Na ce mata kada ta yar, tana da masu nemanta. Biyun da suka taso ma ban yanke hukunci ba, don akwai roba marar nauyi da ke tasowa. Sai da na goga na ji ƙamshin ƙaro mai laushi, kamar lubban, sannan hankalina ya kwanta. Kina gamawa ki ɗauraye da ruwa mai kyau, ki shanya a inuwa.

Adana kuwa, babban maƙiyinsu turare ne. Ki gama shafa humra da mai, jiki ya sha, sannan ki sa. Lemon tsami da gumi suna cin murjani har ya yi fari, don haka in kin cire ki goge da ƙyalle mai laushi mai ɗan danshi, ban da omo, ban da bilic. Kahraman kuma rana da zafi ke tsattsaga shi. Ki naɗe abin wuyan a farin ƙyallen auduga shi kaɗai, kada ki haɗa da sarƙoƙi su karce shi.

Zaren kuma ki duba shi yau ɗin nan. In ya yi baƙi ko ya fara gashi, ki ɗauki hoton jerin yadda Kaka ta bar shi, ki kwance a cikin faranti. A sake shi da zare mai laushi ninki biyu, a ƙulla tsakanin kowace ƙwaya, in ya tsinke ɗaya ce za ta faɗi. Ban da zaren kamun kifi, yana yanka bakin huda. Ki turo min hoton hudar kusa-kusa in gani.