Jimilla na nuna sifili alhali akwai lambobi a gidajen

“Na jera kuɗin ciniki a Excel daga A2 zuwa A20, na sa =SUM(A2:A20), amma sifili yake ba ni. Ga lambobi ina gani da idona. Ina matsalar take?”

Malam, kusan kullum dalili ɗaya ne: abin da kake gani lamba, Excel rubutu ya ɗauke shi. Shi kuwa SUM ba ya ƙirga rubutu, tsallakewa yake yi ba tare da ya yi maka gargaɗi ba. In duk gidajen haka suke, sai sifili.

Duba inda lambobin suka jingina. Lambar gaske tana komawa dama, rubutu kuma yana maƙalewa hagu, wani lokaci da ɗan koren alama a kusurwar gidan. Don ka tabbatar, rubuta wannan a gidan da babu komai:

```
=ISNUMBER(A2)
```

In ya ce FALSE, to an kama ɓarawon.

Gyaran ba wuya. Zaɓi A2 zuwa A20, ka mayar da tsarinsu General. Amma kada ka tsaya nan, domin canza tsari kaɗai ba ya taɓa abin da aka riga aka shigar. A nan mutane da yawa ke karaya. Shiga Data, danna Text to Columns, sannan Finish. Nan take za ka ga sun koma dama.

In sun ƙi, akwai abin da ke manne da su. Wanda ya buga N5000 da hannu rubutu ya shigar, sai an cire harafin. Lambobin da aka kwafo daga shafin banki kuma sukan zo da ɓoyayyen fili wanda ko TRIM, umarnin share rarar fili, ba ya cirewa. Wannan zai fid da shi:

```
=VALUE(SUBSTITUTE(A2,CHAR(160),""))
```

Sa shi a B2, ja shi zuwa B20, ka tara sabon layin.