Ayoyin Alƙur'ani Nawa Ne, Kuma Wacce Ce Mafi Tsawo?

"Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun muna yara muke jin ana cewa ayoyin Alƙur'ani 6666 ne, yanzu kuma na ga wani ya rubuta 6236. Wanne ne daidai? Sannan wace aya ce ta fi kowacce tsawo?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Idan mus'hafin da ke hannunka na ruwayar Hafs ne, ayoyinsa 6236 ne a cikin surori 114, wato ƙidayar malaman Kufa. Ita kuwa 6666, daɗin faɗa ne ya yaɗa ta, amma babu ita a ko ɗaya daga ƙidayoyin da malaman wannan fanni suka ruwaito. Mutanen Madina suna da ƙidaya biyu, ta farko da ta ƙarshe, ga ta Makka, da ta Basra, da ta Sham, da ta Kufa, kuma dukkansu tsakanin dubu shida da ɗari biyu da 'yan kai suke yawo. Ta Kufa ce mafi yawa, ko ita ba ta kai 6300 ba.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne idan suka buɗe mus'hafin Warsh. Akasarin bugunsa ƙidayar Madina ta ƙarshe yake bi, jimillarta 6214. Kada ranka ya ba ka cewa an rage ayoyi 22. Saɓanin yana kan inda aka sa alamar ƙarshen aya ne kawai: abin da wannan ya lissafa aya ɗaya, wancan ya raba shi biyu.

Mu ɗauki Baƙara, don a nan abin ya fi fitowa fili. A ƙidayar Kufa "Alif Lam Mim" aya ce mai zaman kanta. A ta Madina haɗe take da abin da ke bayanta, ka ga an ragu da ɗaya tun daga layin farko. Haka a aya ta 200, wajen "min khalaƙ", Kufa ta rufe aya, Madina ta ƙarshe ta wuce, an ragu da biyu ke nan. Da aka iso Ayatul Kursiyyu sai abin ya juya: Madina ta ƙarshe ta rufe aya a "Alhayyul Ƙayyum", ta mai da ita ayoyi biyu, 253 da 254, alhali a Kufa aya ɗaya ce, ta 255. An cire biyu an ƙara ɗaya, shi ya sa Baƙara take 286 a Hafs, 285 a Warsh. Fatiha ma bakwai ce a wurin kowa, sai dai Kufa da Makka sun lissafa Bisimilla aya ta farko, sauran kuma suka rufe aya a "an'amta alaihim".

In kana so ka tabbatar da kanka, ba sai ka bi aya-aya ba. Rubuta lambar ayar ƙarshe ta kowace sura, ka tara. Biyar na farko a Hafs su ne 7, 286, 200, 176 da 120, sun ba da 789. In ba haka ka samu ba, koma ka duba kafin ka ci gaba. Kuskure biyu ne suka fi kama mutane. Na ɗaya, a ɗauko wasu lambobin daga wannan bugu, wasu daga wancan: Ma'ida kaɗai 120 ce a Kufa, 122 a Madina. Duba shafukan bayanin da ke ƙarshen mus'hafin, can ake faɗin ƙidayar da aka bi. Na biyu, lissafa Bisimillar kan surori. Guda 113 ne, tunda Tauba ba ta da ita, kuma ta Fatiha ta riga ta shiga lissafi, saura 112. Duk wanda ka ji ya ce 6348, abin da ya yi ke nan, ya ɗora 112 a kan 6236.

Aya mafi tsawo kuwa babu jayayya a kanta: Ayatud Daini ce, ayar bashi, Baƙara 282, ko 281 a ƙidayar Madina ta ƙarshe. Tana cikin izu na biyar, ta fara da "Ya ayyuhal lazina amanu iza tadayantum bi dainin", ta ƙare da "wallahu bi kulli shai'in alim". A bugun Madina mai shafi 604 ita kaɗai ta cinye shafi na 48, layi goma sha biyar cur, babu alamar aya sai a can ƙasa. Kalmominta wajen 128 ne, ana samun bambancin ɗaya gwargwadon yadda mai ƙirga ya raba kalma. Da yawa suna zaton Ayatul Kursiyyu ce saboda ita ce mafi girman daraja, amma a tsawo ba ta kai rabin ayar bashi ba.