Na ci 168 a mok ɗin JAMB, saura sati biyar, ta ina zan fara?

"Salam ƴan uwa, don Allah a ba ni shawara. Mok ɗina ya fito 168, Turanci 46, Bayoloji 52, Kemistiri 38, Fiziks 32, kuma nosin nake nema. Saura sati biyar jarabawa, wallahi ko littafi na kasa buɗewa tun jiya. Shin in koma farkon silabos ne ko ya zan yi?"

Wa alaikis salam ƙanwata. Wallahi da na karanta saƙonki sai da gabana ya faɗi, kamar ni ce na rubuta. Ni 171 na ci a mok ɗin 2024, Fiziks ɗina 28, kin ga har kin fi ni a nan. Don Allah kar ki koma farkon silabos, shi ne kuskuren da na fara yi na ɓata kwana biyar a banza.

Mun yi mok ranar 7 ga Maris, kwana kaɗan aka ɗau azumi, jarabawar gaske kuma aka fara ta 19 ga Afrilu. Ranar da muka kai sakamako wurin lesin ba zan taɓa mantawa da ita ba. Malamin da ke ɗaukarmu Fiziks ya karɓi takardun kowa ya tsaya gaban allo yana kiran suna yana faɗin maki da ƙarfi, da ya zo kaina sai ya cire tabarau ya dube ni ya ce "ke da wannan 28 ɗin gara ki faɗa wa babanki ya fara tanadin kayan ɗaki". Aji ya fashe da dariya har da waɗanda na fi su jimillar maki. Na ja hijabi na rufe fuska, hawaye na ɗiga a kan littafina har tawada ta baje, kuma wallahi mutumin nan wata uku yana karɓar kuɗin mahaifina, bai taɓa zaunar da mu ya ɗora mana agogo mun yi tambaya arba'in a jere ba, kullum kwafar not ne daga allo har hannu ya yi tsami. A Keke Napep na yi ta kuka har gida, mai keken ma sai da ya tambaye ni ko rasuwa aka yi. Har yau in na wuce layin nan sai na ji abu ya tsaya min a wuya. Na yafe masa dai amma ban koma ba.

Yayana ne da ke karatu a BUK ya zaunar da ni bayan shan ruwa, ya ce in daina kallon 171 ɗin, lambar ba ta faɗa min komai. Ya ɗau biro ya yi min lissafin da zan yi miki yanzu. Fiziks tambaya 40 ce a kan maki 100, kenan kowace tambaya kusan maki biyu da rabi. 32 ɗinki yana nufin kusan tambaya 13 kika samu. To wanda ya rufe ido ya yi ta danna zaɓi ɗaya daga cikin huɗu, a bisa lissafi zai iya samun wajen 10 cikin 40, wato maki 25. Kin ga ni da ke duk a bakin canki-canka muke. Kuma mutumin da ya yi wata da watanni yana karatu ba ya faɗowa nan saboda rashin sani kawai, yawanci lokaci ne ya cinye shi. Ki tambayi kanki tsakani da Allah, minti nawa ya rage miki lokacin da kika buɗe Fiziks? Ni minti 12 ne. Na zauna a kan Turanci kusan minti 55 ina maimaita karanta labarin fahimta sau uku, da na ɗago na ga agogon da ke saman allo sai hannuna ya kama rawa, na yi ta danna C har ƙarshe.

Matsalar mok ita ce maki kawai ake ba ki, ba a nuna miki wace tambaya kika faɗi. Don haka gobe-gobe, kafin ki zana wani jadawali, ki sake yi wa kanki mok a gida. Ki ɗauki tambayoyin baya na shekarar da ba ki taɓa gani ba, Fiziks 40, ki sa agogo minti 30, in ya buga ki ajiye biro ko da kina tsakiyar lissafi. Sai ki yi makin, kuma duk wadda kika faɗi ki rubuta dalili a gefenta, uku ne kawai: ban kai gare ta ba, na sani na yi ganganci, ko ban san abin ba sam. Wadda kika canka ta yi daidai ma ki sa ta cikin ta ukun, kar ki yaudari kanki.

Ni da na yi, 14 na samu, 26 na faɗi. Tara ban ma kai gare su ba. Bakwai ganganci ne tsagwaro. Goma ne kaɗai ban sani ba, kuma shida daga cikinsu daga wuri biyu suka fito, lantarki da haske. Ranar na yi kuka karo na biyu amma na daɗi, don tara da bakwai 16 kenan, maki 40 da suke kwance ba sai na koyi sabon abu ko ɗaya ba.

Gangancin nan bari in nuna miki irinsa don na san za ki gan shi a naki. An ce abu mai nauyin 200 g, a = 5 m/s², nemo ƙarfin da ya tura shi. Na san F = ma tun aji huɗu na sakandare, na buga 200 sau 5 na samu 1000, na duba zaɓi na gan shi zaune yana jirana na danna ina murna. Amsar 1 N ce, don sai an mayar da giram 200 zuwa 0.2 kg. Masu tsara tambaya sun san inda muke zamewa, suna ajiye amsar kuskuren a cikin zaɓi, shi ya sa za ki fito daga jarabawa kina jin kin yi ƙoƙari sakamako ya zo ya mare ki. Na sayi ɗan littafi mai shafi 40 na sa masa suna littafin kurakurai, duk irin wannan a ciki nake rubutawa da jan biro, kuma na ɗora wa kaina doka, ba na taɓa kalkuleta sai na duba ma'aunin kowace lamba.

Ki yi wa Kemistiri irin wannan tankaɗe washegari, sannan Turanci da Bayoloji. Kwana uku zai ci miki, kar ki ji kamar asara ce. Daga nan ne jadawalin zai fito da kansa. Sati uku na farko na gyara ne. Ni bayan sallar asuba nake ba Fiziks awa biyu lokacin kaina a sake, kuma batu biyun nan kawai na riƙe, in karanta na minti 40 sauran lokacin duk tambayoyin baya ne a kan batun har sai na ga ina cin bakwai cikin goma sannan in matsa. Kemistiri da hantsi, ni lissafin mol ne ya kashe ni, n = m/M ɗin nan da daidaita ikweshin, da na gyara shi tambayoyi da yawa suka buɗe don yana shiga wurare daban-daban. Da la'asar kuwa ba karatu, kicin ne, ga ferayar dankali ga kunu ga ƙosai, sai da na roƙi Umma ta ɗauke min girkin sahur ƙanwata ta karɓa. Ke ma ki yi magana a gida tun yanzu, iyaye in ba a faɗa musu ba ba sa sanin awa nawa aiki ke ci, sati biyar ne kawai ba shekara ba.

Bayoloji 52 ɗinki kar ki sake shi gaba ɗaya, ni na kusa yin haka. Minti 30 da dare ya isa, tambaya 20 kullum. A nan maki ya fi saurin hawa don babu dogon lissafi, daga 52 zuwa 65 tambaya biyar ce ko shida kawai.

Turanci kuma don Allah ki karanta littafin labarin da aka ɗora muku a bana, ki karanta shi da kanki sau biyu ba taƙaitawar da ake yawo da ita a waya ba. Cikin tambaya 60 ɗin, goma daga littafin suke, goma kuma na furuci ne, su wasula da inda ake danna murya a kalma. Ashirin kenan da ake iya kamawa cikin sati biyu. Labarin fahimtar da na ƙone minti ashirin a kansa, tambaya biyar ce kacal a ƙarƙashinsa, da na gane haka ji na yi kamar in ciji yatsa.

Kowace Asabar ki yi cikakkiyar jarabawa, tambaya 180 a awa biyu, a kwamfuta in da hali ko da za ki biya a wata cibiya kusa da ku. Minti 120 a raba wa 180 sakan 40 ne kowace tambaya. Ni rabon da na tsaya a kai shi ne Bayoloji 20, Kemistiri 28, Fiziks 30, Turanci 35, sauran bakwai na komawa kan waɗanda na tsallake. Na rubuta a takarda na manna a bango. Tambayar da ta wuce minti ɗaya ba ta buɗe ba, ki zaɓi wadda ta fi kwanta miki ki danna N ki wuce, ba a rage maki don an faɗi, saboda haka kar ki bar ko ɗaya babu amsa. Ki saba da A, B, C, D da N na zuwa gaba da P na komawa baya a kibod, ya fi jan linzami sauri. Lahadi kuma ta makin ce da sake rarraba dalilan nan uku. In sati biyu suka wuce kika ga "ban kai ba" bai ragu ba, to ba karatu ne ya yi miki kaɗan ba, ki rage karatun ki ƙara gwaji da agogo.

Sati na huɗu na yi cikakken gwaji uku, na biyun ya sauko ƙasa da na farko na tsorata sosai, ashe shekarar ce tambayoyinta suka fi tsauri, don haka kar gwaji ɗaya ya sa ki yaga jadawali. Satin ƙarshe ban buɗe sabon batu ba, littafin kurakurai kawai da barci da wuri, na fitar da silif ɗina na je na ga cibiyar da idona kwana biyu kafin ranar.

243 na ci, Fiziks 55. Ba wani abin a zo a gani ba ne a wurin wasu, amma ni na san daga inda na taso, kuma akwai wani ɓangare na maganaɗisu da har na shiga ɗakin jarabawa ban iya shi ba, na bar shi da gangan. Ki duba makin da makarantar da kika zaɓa ta tsaya a kai na nosin a bara don ki san nisan da ke gabanki, yana bambanta daga makaranta zuwa makaranta. In kin yi gwajin Fiziks ɗin gobe ki turo min lambobi ukun nan, nawa ba ki kai ba, nawa ganganci, nawa ba ki sani ba, sai mu zauna mu raba miki satin farko tare in sha Allah.